Inuwar hanci

Wani saurayi daga Illela ya kai wa mai hoto na Birnin Ƙonni hotuna uku. Na farko hoton biki ne da aka ɗauka a Malbaza. Kakansa ya rasu kafin bikin, shi kuwa yana son a sa fuskar tsohon cikin dangi. Sauran biyun na kakan ne. Ɗaya ya fito tas, har ana iya ƙirga gashin gemu. Ɗayan kuwa dishi-dishi ne.

Mai hoto ya zaɓi mai dishi-dishi. Mene ne dalili?

Da farko ya duba hancin mutanen bikin. An ɗauke su da hantsi, rana tana hannun dama na hoton. Saboda haka inuwar hancin kowa ta faɗi hagu. A hoton da ya fito tas, rana tana hagu, inuwar hancin tsoho ta faɗi dama. A mai dishi-dishi kuwa ta faɗi hagu, daidai da ta dangi.

Rana ɗaya ce. Mutanen da suka tsaya wuri guda, daga gefe guda take haska su. In aka ga fuska goma da inuwa a hagu, guda ɗaya da inuwa a dama, nan take ido zai ce wani abu bai yi daidai ba, ko da mai kallo bai san mene ne ba. Ga shi kuma a hoto mai santimita 10 da 15, fuskar mutum cikin taro ba ta fi kan yatsa girma ba. Gashin gemu ba ya ganuwa, amma kuncin da ya yi duhu ana hango shi daga nesa.

Gyaran ma ba ɗaya ba ne. Fuskar da ta fi sauran fitowa, cikin minti guda ake dusashe ta a kwamfuta. Inuwa kuwa siffar fuska take bi: hanci, kunci, ramin ido, haɓa. Mai son ya sake mata gefe, sai ya sake zana fuskar duka.

Saurayin ya ce: «Malam, a juya mai kyan mana, hagu ya koma dama.» Ana yin haka, inuwa kuma takan daidaita. Amma tsohon yana da tabo a kuncin hagu. In an juya, tabon zai koma dama, ƴaƴansa kuwa za su gane.

Kafin ya liƙa, mai hoto ya duba ƙarƙashin haɓa. Da tsakar rana aka ɗauki tsohon, da inuwa ta cika ramin idonsa, ta sauko kan wuya. Bai ga haka ba. Sai ya rage girman fuskar, ya sa ta a layin baya, kusa da babban ɗansa.