Ta'aziyyar Kamfani Ba Alkawarin Kuɗi Ba Ce

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya ce mahaifinsu ya rasu, kamfanin da ƙanensa yake wa aiki ya buga sanarwar ta'aziyya a jarida, yanzu 'yan'uwa sun zuba ido suna jiran kuɗi. To malam, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri.

Ita wannan sanarwa gaisuwa ce kawai. Za ka ga sunan mamacin, da na ɗansa ma'aikacin, da ranar rasuwa, da gidan da ake zaman makoki, sai addu'a. Sau da yawa ma kafin ta fito an riga an yi jana'iza, amfaninta shi ne abokan aiki su san inda za su je gaisuwa.

Batun kuɗi kuwa, sai ƙanenka ya duba takardar sharuɗɗan aikinsa. Wani kamfanin yana ba da gudummawa, wani sai dai ma'aikata su yi karo-karo. Kuma abin da aka ba shi da sunansa ba ya shiga gado, tunda ba dukiyar marigayi ba ce. In ya taimaka da shi wajen hidimar baƙi, alherinsa ne, kada ku tsare shi da lissafi.