Awon HbA1c: Sukarinka na Wata Uku

Wata mai sayar da ƙosai a unguwar Briketeri ta Yawunde ta zo awo ba ta karya kumallo ba. Kwana biyu kafin nan ta daina shan shayi mai sukari. Awon yatsa ya nuna 110, ta yi murna. Amma awon HbA1c ya nuna 9, wato sukarinta ya daɗe yana sama.

Awon yatsa yana nuna sukarin da ke cikin jininka a wannan lokacin kaɗai. HbA1c kuwa daban ne. Sukari yana mannewa a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma in ya manne ba ya fita. Ƙwayoyin nan suna rayuwa wajen kwana 120. Awon yana duba yawan sukarin da ya manne musu, sai ya nuna matsakaicin sukarinka na wata uku da suka wuce.

Shi ya sa ba sai ka zo da yunwa ba. Kokon da ka sha yau da safe ba zai canja lissafin wata uku ba. Ci abincinka, sha maganinka, ka zo.

In awon ya kai 6.5 ko ya wuce, alamar ciwon sukari ce. Yawancin masu shan magani ana so su tsaya ƙasa da 7.

In kana da sikila ko ƙarancin jini, ko an yi maka ƙarin jini kwanan nan, gaya wa ma'aikacin asibiti tun kafin a ɗebi jininka. Haka ma mace mai ciki. Waɗannan suna iya sa awon ya yi kuskure.