Gidanka a Wace Ƙaramar Hukuma Yake? Darasi Daga Hotoro

Idan mutum ya ce gidansa a Hotoro yake, ya gama yi wa mai adaidaita sahu kwatance, amma bai gama amsa tambayar ma'aikacin da ke cike masa fom ba. A jerin mazaɓun hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, sunan Hotoro ya fito sau uku. Akwai Hotoro ta Arewa da Hotoro ta Kudu a ƙaramar hukumar Nasarawa, akwai kuma wata Hotoron, wadda aka jingina wa sunan NNPC, a ƙaramar hukumar Tarauni. Unguwa ɗaya ce a bakin jama'a, amma mutane biyu da ke sayen kayan miya a wuri guda suna iya kasancewa kansilansu daban, ciyaman daban, har ɗan majalisar wakilai na tarayya daban.

Dalilin wannan ruɗani a fili yake. Ƙananan hukumomi 774 da muke da su a Najeriya sun tsaya a wannan adadi tun 1996, kuma kundin tsarin mulki na 1999 sunayensu kawai ya jera, bai zana iyakokinsu ba. Shi kuwa gari bai tsaya jira ba. Gonakin da suka raba ƙauye da ƙauye an yanka su filaye, an gina, sunan tsohuwar unguwa ya bi sababbin gidajen ya tsallake iyaka ba wanda ya lura. Birnin Kano yau ya shimfiɗu a kan ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A wurare da yawa iyakar titi ce, ko kwata, ko wani lungu da ba shi da ko suna. Ga kuma sunayen da ake maimaitawa: Tudun Wada mazaɓa ce a Nasarawa cikin gari, kuma sunan wata ƙaramar hukuma ce can kudancin jihar.

Mu ɗauka wani magidanci ya taso daga Dala ya kama haya a Hotoro, aka ce ya rubuta ƙaramar hukuma da mazaɓar da yake zaune. Abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne katin zaɓensa, kuma lallai akwai amsa a jikin katin, sai dai ba tasa ba ce. A fuskar katin akwai lamba mai gaɓa huɗu. Gaɓar farko jiha ce, ta biyu ƙaramar hukuma, ta uku mazaɓa, ta huɗu rumfar zaɓe. Lambar Kano 19 ce, Jigawa 17, Kaduna 18, Katsina 20. A cikin Kano an bi jerin haruffa ne, shi ya sa Dala ta zama 07, Nasarawa 31, Tarauni 38. Katin mutuminmu zai fara da 19 da 07, domin kati yana nuna inda aka yi rajista ne, ba inda ake kwana ba. Har sai ya nemi INEC ta mayar da rajistarsa sabon wuri, katin zai ci gaba da cewa Dala.

Abin yi shi ne ya nemi ganin katin maƙwabta, amma ba kowane maƙwabci ba. Ya nemi waɗanda suka daɗe a layin kuma a nan suka yi rajista, mutum uku ko huɗu, kuma daga ɓangaren titin da gidansa yake. Idan duka suka fara da 19 da 38, kuma gaɓa ta uku ta zo ɗaya, to alama ta yi ƙarfi cewa Tarauni ce. Idan biyu suka ce 38 biyu suka ce 31, wannan ma labari ne: gidan a bakin iyaka yake. Mutane kan yi rajista a rumfar da ta fi kusa ko wadda layinta bai yi tsawo ba, ko da a tsallaken titi take, saboda haka katin mutum ɗaya ba hujja ba ce. Sai a tuna kuma cewa a 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe suka kai 176,846, don haka bambancin gaɓar ƙarshe kaɗai ba abin damuwa ba ne. Gaɓa ta biyu da ta uku ake dubawa.

Daga nan sai ƙofar mai unguwa. A ganina babu wanda ya kai shi sanin wannan magana, domin shi ake kira idan za a sayar da fili ko a raba gado, kuma ya san inda ikonsa ya tsaya na maƙwabcinsa ya fara. Tambayar da ta fi amfani ita ce: "Ranka ya daɗe, wane dagaci kake bi, kuma wane hakimi?" Gundumar hakimi takan zauna cikin ƙaramar hukuma guda, saboda haka amsar tana warware rabin matsalar. Rabin da ya rage shi ne mazaɓa, kuma a nan ake yin tuntuɓe, domin tsarin sarauta daban, tsarin zaɓe daban. Ƙasar dagaci ba lallai ta dace da mazaɓar kansila ba. Wanda ya rubuta sunan dagacinsa a gurbin mazaɓa yana iya rubuta sunan da babu shi a jerin mazaɓu 484 na jihar.

Taswirar waya fa? Tana da amfani idan an san iyakarta. Mutum ya tsaya a ƙofar gida, ya danna wurin a Google Maps ya riƙe, lambobin da ke nuna daidai inda yake za su fito. Waɗannan lambobi su ne abin ɗauka. Sunan unguwar da manhajar ta rubuta kuwa kada a dogara da shi, sau da yawa sunan da ya fi shahara a kusa ne. Ana iya ɗora lambobin a kan taswirar mazaɓu ta shirin GRID3, wadda aikin rigakafin shan-inna ya taimaka wajen samar da ita. Masu ita da kansu sun ce iyakokin na gudanar da aiki ne, ba na doka ba. Ga gidan da ke tsakiyar mazaɓa ta wadatar. Ga gidan da ke bakin iyaka, kuskuren 'yan mitoci a waya ya isa ya jefa shi tsallaken titi. Lambar gidan waya mai alƙaluma shida ma ba za ta raba gardama ba, don rarraba wasiƙu aka yi ta.

Idan abin ya shafi kuɗi ko fili, takarda ake nema. Mai gidan hayar ya duba takardar filinsa da tsofaffin rasit na harajin gida ko na shago, ya ga wace ƙaramar hukuma ce ta buga hatimi. Idan masu karɓar haraji daga ɓangarori biyu suna zuwa layi ɗaya, kada a biya kowa sai an je sakatariya an tambayi sashen filaye, ko ofishin INEC na ƙaramar hukumar, inda jerin mazaɓu da rumfuna yake.

'Yan'uwanmu mazauna Legas suna da ƙarin sarƙaƙiya. A 2003 jihar ta ƙirƙiro yankunan raya ƙasa 37 a kan ƙananan hukumomi 20 da tsarin mulki ya sani. Mai shago a Orile Agege yana biyan haraji ga yankin raya ƙasa, amma a fom na tarayya Agege zai rubuta.

Kafin a cike kowane gurbi, a karanta tambayar da kyau: inda kake zaune ake nufi ko asalinka? Mutuminmu na Hotoro zai rubuta Tarauni ko Nasarawa a gurbin mazauni, gwargwadon abin da bincikensa ya nuna, amma takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma sai ya koma inda iyayensa suka fito.