Duwatsun wuya: da me aka yi su?

Mukan ce "duwatsun wuya", amma ba dukansu ne aka yi da dutse ba. Akwai na kwalba, akwai na ƙashi, akwai na roba, akwai kuma na dutsen gaske, kamar tsakiya. Ranar Laraba Hadiza ta kawo wata tsohuwar sarƙar kakarta aji. Zaren ya tsinke, duwatsun duk sun gauraye cikin ƙoƙo. Malam ya shimfiɗa farin ƙyalle bisa tebur, ya ce mu ware su kashi-kashi.

Na roba ne suka fi sauƙin ganewa. In ka ɗauki ɗaya a tafin hannu, sai ka ji kamar ba ka riƙe da kome. Na kwalba mai girma ɗaya da shi ya kusan ninka shi biyu a nauyi. Ka ɗora shi a kumatunka: roba ba ta da sanyi, amma kwalba da dutse suna da sanyi, muddin ba a bar su cikin rana ba. In ka jefa shi cikin tasa, ƙararsa ba ta tashi, na kwalba kuwa sai ka ji "ƙyal". Kada a gwada da haƙori, don tsofaffin duwatsu suna da dauɗa, kuma ana iya haɗiye su.

Na ƙashi fari ne mai ɗan ɗorawa-ɗorawa. Ya fi roba nauyi, bai kai kwalba ba. Ka dube shi sosai cikin haske, za ka ga ƴan ɗige-ɗige da gajerun zane baƙaƙe a jikinsa. Ƙananan hanyoyi ne da jini yake bi lokacin da dabbar tana da rai, daga baya dauɗa ta cika su.

Sai aka zo kan wasu jajaye guda biyu masu tsawo. Nan fa gardama ta tashi. Hadiza ta ce duka tsakiya ne, haka kakarta take faɗi. Muka auna a hannu, nauyinsu ɗaya. Muka sa a kumatu, duka da sanyi. Malam ya ce nauyi ba ya raba kwalba da tsakiya, don sun yi kusa da juna ƙwarai. Ya ce mu ɗaga su wajen taga.

A cikin na farko muka ga ƴan kumfa guda 3, kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Iska ce ta maƙale sa'ad da kwalbar take narke. Akwai kuma wani siririn layi da ya bi tsawonsa ta gefe biyu, inda bakin mazubi ya haɗu. Wannan layi ana samunsa a jikin na roba ma, saboda haka shi kaɗai ba ya isa shaida. Amma kumfa da layi da sanyi da nauyi, in sun taru, kwalba ce.

Na biyu ba shi da kumfa. Jansa ba iri ɗaya ba ne, akwai ratsi-ratsin fari a ciki. Da muka zura tsinke a kafar zaren, sai ya tokare a tsakiya, don an huda dutsen ta kai biyu, hujin bai haɗu daidai ba. Malam ya ɗan goga bakinsa a jikin wata tsohuwar kwalbar lemo, sai ya bar zane. Tsakiya ta fi kwalba tauri. Irin wannan dutse an daɗe ana sassaƙa shi a garin Khambhat na ƙasar Indiya, fatake suna kawo shi Afirka. Da masu aikin kwalba na Turai suka ga yana da kasuwa, sai suka riƙa kwaikwayonsa.

Ali ya ce: "Malam, in an ɗauki hoto da salula an aika wa wanda ya sani, ai an huta."

Malam ya ɗauki hoton jajayen nan biyu tare da wani ja na roba, ya nuna mana. Ba wanda ya iya bambanta su! Hoto ba ya nuna nauyi, ko sanyi, ko ƙara. Launi ma yana sakewa: jan da aka ɗauka a inuwa dabam yake da na rana. Girma kuma ba ya sanuwa sai an aje abin awo a gefe. Hoton da aka ɗauka kusa-kusa, da haske a bayan dutsen, yana iya nuna kumfa ko layin mazubi. Duk da haka mai dubawa sai dai ya ce "da alama kwalba ce".

A ƙarshe muka ƙirga: na roba 14, na kwalba 9, na ƙashi 4, tsakiya 1. Saura guda 2 baƙaƙe masu sulɓi, haske ba ya ratsa su, ba kumfa, ba layi. Malam ya sa su gefe ɗaya, ya rubuta a ƴar takarda: "Ba a tabbatar ba." Hadiza za ta kai su wajen mai sayar da duwatsu ranar kasuwa, ya riƙe su da hannunsa ya duba.