Gidan da ba shi da lamba: yadda ake rubuta adireshi da kwatance

Fom ɗin buɗe asusun banki ko na sayen kaya a waya yakan tambayi lambar gida, sunan titi da lambar gidan waya. Mutumin da yake zaune a lungun da babu ko allon suna sai ya yi turus. Wani ya ƙirƙiri lamba, wani ya rubuta "kusa da masallaci" ya wuce. Dukansu biyun wahala suke jawo wa kansu, domin ranar da banki ya turo ma'aikaci ya tabbatar da adireshin, ko mai babur ya ɗauko saƙo, abin da aka rubuta shi zai bi.

Saboda haka a rubuta adireshi kamar ana yi wa baƙon da bai taɓa shiga unguwar ba kwatance. Alamar da za a dogara da ita sai ta kasance ba ta tashi, kowa ya san ta, kuma ba ta da ta biyu a kusa. Masallacin Juma'a, makarantar firamare ta gwamnati, asibitin unguwa, ofishin 'yan sanda, gidan mai unguwa, duk waɗannan suna daɗewa. Teburin mai shayi da shagon caji kuwa yau suna nan, gobe sun koma wani layi. Kalmar "masallaci" ita kaɗai ba ta isa ba a garin da kusan kowane layi yana da nasa, sai an faɗi sunansa.

Bayan alama sai alƙibla, kuma a nan aka fi yin kuskure. "Hannun dama" ya danganta da inda mutum ya ɓullo: wanda ya taho daga kasuwa damarsa ita ce hagun wanda ya taho daga tasha. Gabas da yamma, kudu da arewa ba sa juyawa, kuma mutanenmu sun saba da su, tunda kullum ana fuskantar gabas a yi salla. Sai a ƙara da ƙirga, layi na nawa, gida na nawa.

Mu ɗauki misalin wata mai ɗinki a Sheka, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso a Kano, wadda ta sayi keken ɗinki za a kawo mata. Gidanta yana layi na biyu kudu da wata makarantar firamare, gida na 4 in an shigo ta gabas, da koren ƙyaure. Ga yadda za ta cike:

```
Address Line 1: Gida na 4 daga gabas, koren kyaure
Address Line 2: Layi na 2 kudu da firamare, Sheka
City: Kano
State: Kano
Postal Code: 700001
```

Layin farko ya ɗauki gidan kansa, na biyu ya ɗauki alamar da unguwar. In akwai firamare fiye da ɗaya, dole ta sa sunan tata. An taƙaita rubutun ne da gangan, domin fom ɗin wasu kamfanonin kai kaya ba ya karɓar fiye da haruffa 35 a layi, kuma wutsiyar bayanin ce take guntulewa. An kuma rubuta ƙyaure ba lanƙwasa, saboda wasu na'urori suna mayar da haruffanmu masu lanƙwasa alamar tambaya a takardar da za a manna wa kaya.

Batun lambar gidan waya ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Najeriya tana da ita, lambobi 6 ne, kuma hukumar NIPOST ce ke kula da su. Ta babban gidan wayar Kano 700001, ta Kaduna 800001, ta Abuja 900001. Wanda bai san ta unguwarsu ba ya tambaya a gidan waya mafi kusa, kafin nan ya sa ta babban birnin jiharsu. Amma 234 da mutane suke yawan rubutawa lambar kiran Najeriya ce daga ƙetare, ba ta da alaƙa da wasiƙa. A Ghana tun 2017 akwai GhanaPostGPS, wadda take bai wa kowane wuri lambarsa. A Kamaru da Chadi babu irin wannan lamba, sai a bar gurbin haka, in fom ya ƙi wucewa a cike shi da sifirai.

Ni a ganina lambar waya mai aiki rabin adireshi ce, musamman a ƙauye, inda za a rubuta sunan ƙauyen, gunduma da ƙaramar hukuma, a ce ta hannun mai gari, bayan an nemi izininsa. Mai babbar waya kuma ya tsaya a ƙofar gidansa ya buɗe Google Maps ya kwafi Plus Code na wurin, ya tura wa mai kawo kaya. Kwatancen da aka tsara sau ɗaya a adana shi, a riƙa amfani da shi a banki, a makaranta da wurin rajistar katin ɗan ƙasa, domin in adireshi ya bambanta daga takarda zuwa takarda, tantancewa takan tsaya.