Dutsen Rashid: Yadda Sunayen Sarakuna Suka Buɗe Rubutun Fir'aunoni

A watan Yulin 1799, sojojin Faransa da Napoleon ya shigo da su Masar suna gyaran wata tsohuwar ganuwa kusa da garin Rashid, inda wani reshen kogin Nilu yake gangarawa teku. Cikin duwatsun da aka yi ginin da su sai ga wani baƙin allo na dutse, tsayinsa ya ɗan haura mita guda, nauyinsa kusan kilo 760, samansa a karye. Hafsan da ke kula da aikin, Pierre Bouchard, ya lura da abin da ya bambanta shi: rubutu iri uku ne a fuskarsa, ɗaya bisa ɗaya. Turawa suna kiran garin Rosetta, sunan da ya bi dutsen ke nan. Da Ingilishi suka ci Faransawa a Masar sai suka karɓe shi, kuma tun 1802 yana gidan tarihi na British Museum a Landan, duk da kiran da Masarawa ke yi na a mayar musu da abinsu.

Rubutun uku ne, amma harsunan biyu. A sama akwai layi 14 na hiroglif, wato rubutun zane-zanen tsuntsaye da dabbobi da kayan gida da ake gani a bangon kaburburan fir'aunoni. A tsakiya layi 32 na demotik, rubutun hannu mai sauri da Masarawa ke yin takardun yau da kullum da shi. A ƙasa kuma layi 54 na Girkanci, harshen fadar lokacin. Girkancin bai ba masana wahala ba. Shela ce da limaman gidajen bauta suka yi a Memfis a shekara ta 196 kafin haihuwar Annabi Isa, suna yabon yaron sarki Ptolemy na Biyar saboda rangwamen haraji da kyaututtukan da ya yi musu. A ƙarshenta aka ce a sassaƙa ta da rubutu mai tsarki, da rubutun ƙasa, da na Girkawa. Ashe magana ɗaya ce aka maimaita sau uku.

Sai mutum ya ɗauka an gama. Amma an ƙara shekara ashirin da 'yan kai ana fama.

Dalili na farko shi ne ɓangaren hiroglif ne ya fi lalacewa, babu layi ko ɗaya da ya tsira cikakke. Na biyu ya fi nauyi. Rubutun hiroglif na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Filae a shekara ta 394, daga nan ilimin ya mutu da masu shi. Waɗanda suka zo baya suka ƙudurce cewa kowane zane ma'ana ce ɓoyayya, ba sauti ba: shaho na nufin abu kaza, zaki na nufin abu kaza. Duk wanda ya tunkari dutsen da wannan zato, fassarar mafarki zai yi.

Tsagar farko ta fito daga sunaye. An daɗe ana hasashen cewa alamomin da aka kewaye da wani dogon zobe sunayen sarakuna ne. Thomas Young, likita kuma masanin kimiyyar haske ɗan Ingila, ya ce tun da Ptolemy sunan baƙo ne, dole marubucin Masar ya rubuta shi da sauti. Ya ware zoben a kan dutsen, ya dace da sautin wasu alamomi, ya kuskure wasu, ya wallafa sakamakonsa a 1819. Sai dai ya tsaya a kan cewa sunayen baƙi kaɗai ake rubutawa haka.

Jean-François Champollion, wanda aka haifa a Figeac ta Faransa a 1790, yana da abin da Young ya rasa. Tun yana matashi ya laƙanci harshen Kibɗawa, wanda Kiristocin Masar ke addu'a da shi har yau, ake rubuta shi galibi da haruffan Girkanci, kuma shi ne tsohon harshen Masar a matakinsa na ƙarshe. Ya kuma yi wani lissafi mai sauƙi. Ya ƙirga alamomin hiroglif da suka rage a dutsen, ya samu 1,419, alhali kalmomin Girkanci da suka yi daidai da su 486 ne. In da kowane zane kalma ce, da adadin bai yi wannan tazara ba.

A farkon 1822 ya samu kwafin rubutun wani dogon ginshiƙin dutse daga Filae, mai ɗauke da zobe biyu, na Ptolemy da na Kleopatra. Ya jera su. A na Ptolemy, alama ta farko ɗan murabba'i ce, ta biyu rabin da'ira, ta uku igiya mai zarge, ta huɗu zaki a kwance: P, T, O, L. In da gaske sauti ne, to zaki ya kamata ya zo na biyu a Kleopatra, igiya ta huɗu, murabba'i na biyar. Haka kuwa suka zo. Tsuntsu guda ya bayyana sau biyu, daidai inda A take. T ce ta saɓa, domin a sunan sarauniyar hoton hannu aka sa. Champollion bai jefar da aikin ba, ya ce sauti ɗaya na iya samun alama biyu, sauran sunaye kamar na Iskandar suka gaskata shi.

Duk da haka waɗannan Girkawa ne. Ranar 14 ga Satumba ta wannan shekarar, zane-zanen da aka kwafo daga Abu Simbel suka iso masa, da wani zobe na zamanin da. Alamar farko faifan rana ce, rana kuwa a harshen Kibɗawa "re" ko "ra". Biyun ƙarshe ya riga ya san su, S ne da S. Tsakani akwai wata alama mai kama da fatu uku da aka ɗaure sama. Ra, wani abu, s, s. Sai sunan Ramsis ya faɗo masa. Ya duba wani zoben, ga tsuntsun da ke wakiltar abin bautarsu Tot, ga alamar nan, ga S: Tutmos. Ya koma kan dutsen Rashid, ya tarar da alamar a inda Girkancin ke zancen ranar haihuwar sarki, kuma "mise" a harshen Kibɗawa haihuwa ce. Ma'anar Ramsis ke nan, Ra ne ya haife shi. A suna ɗaya, zane guda ya tsaya a matsayin kalma, sauran suka ba da sauti, fiye da shekara dubu kafin wannan shela ta Memfis.

A ƙarshen watan ya gabatar da wasiƙarsa ga Dacier, sakataren majalisar masana a Paris, cikakken littafin ya biyo baya a 1824. Ya yi kuskure a wurare: alamar haihuwar ya ɗauke ta M kawai, alhali baƙaƙe biyu ce, M da S. Bajamushe Richard Lepsius ne ya daidaita wannan a 1837, bayan rasuwar Champollion a 1832 yana da shekara 41. Shi dai Lepsius ne ya gano wata shelar mai hiroglif da Girkanci a Tanis a 1866, aka gwada hanyar Champollion a kanta, fassarar ta dace.

Abu guda dutsen bai iya mayarwa ba. Masarawa baƙaƙe suke rubutawa ba wasula, kamar Larabcin da ba a yi masa wasali ba. Balarabe yana cike gurbin daga harshen da ke bakinsa, amma masu wannan harshe sun shuɗe. Kalmar kyau a rubuce n-f-r take, masana suna cusa "e" su ce "nefer" don harshe ya samu kamawa, kuma yawancin kalmomin tsohuwar Masar da ake ji a yau haka aka yi musu.