Rahoton da ke Nuna Lokacin Sayo Kaya

Rahoton sake sayo kaya takarda ce da ke nuna wa mai sito kayan da ya kamata a yi odarsu tun kafin su ƙare. Lissafinsa ya dogara ne a kan adadin da ake amfani da shi a kowace rana, da kuma kwanakin jira, wato daga ranar da aka yi oda zuwa ranar da aka sauke kayan aka ƙirga su a sito. Idan aka ninka waɗannan biyun, aka ƙara ajiyar ko-ta-kwana, an sami iyakar da bai kamata kaya su sauka ƙasa da ita ba.

A ɗauki gidan burodi da ke cin buhu 12 na fulawa a rana, dillali kuma yana kawo kaya cikin kwana 5. Kafin mota ta iso za a kwaɓa buhu 60. In an ware buhu 24, na kwana biyu, saboda lalacewar mota ko jinkirin lodi, iyakar ta zama 84. Ranar da aka ƙirga buhu 70 a sito, dole rahoton ya ɗaga tuta, ko da ido na ganin sito a cike.

A Excel, kowane kaya yana da layinsa: suna a A, abin da ke sito a B, wanda ke hanya a C, amfanin rana a D, kwanakin jira a E, ajiya a F.

```
G2: =D2*E2+F2
H2: =IF(B2+C2<=G2,"A SAYO","")
```

Ginshiƙin C yana hana oda sau biyu. Sukarin da iyakarsa buhu 18 ce, a sito akwai 15, amma 20 na kan hanya, ba ya buƙatar sabuwar oda.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen fitar da amfanin rana. A ce an ci buhu 312 a wata, amma kwana 4 tanda ba ta yi aiki ba saboda fulawa ta yanke. Wanda ya raba da 30 zai sami 10.4, alhali in an raba da kwana 26 na aiki, 12 ne. A kwana biyar na jira, wannan giɓin ya kai buhu 8, kuma rahoton zai riƙa makara a duk zagaye. Alamarsa ita ce kaya su riƙa ƙarewa kafin mota ta iso, duk da an yi oda ranar da rahoton ya nuna. Haka nan lissafin watan da ya wuce ba ya dacewa da azumi ko jajibirin Sallah. Gara a duba littafin bara na daidai wannan lokacin.

Ya fi kyau a jera kayan da aka yi wa alama bisa kwanakin da suka rage musu, wato `=B2/D2`. Fulawar nan saura mata ƙasa da kwana 6, jira kuwa kwana 5 ne, don haka ita za a fara bugo wa dillali waya a kanta.